Imel zuwa ga shugabar bincike a kan gurbin digirin digirgir: me za a rubuta?

"Assalamu alaikum Farfesa, barka da aiki. Na kammala digiri na biyu a kimiyyar noma, inda na gwada irin dawa 12 a gonar da ƙuduji ya addaba, damina biyu a jere, na kuma fita da maki 4.3. Na tura wa farfesoshin ƙasashen waje imel kusan arba'in ina neman gurbin digirin digirgir, biyu kaɗai suka amsa, su ma haƙuri suka ba ni. Yanzu wata farfesa a Jamus ta fitar da sanarwar gurbi na shekara uku a kan sinadaran da saiwar dawa ke fitarwa, amma an ambaci ƙwarewa a na'urar auna sinadarai ta LC-MS, ni kuwa ban taɓa aiki da ita ba. In rubuta mata kafin in nema? Me zan ce mata?"

Wa alaikumus salam Malama, barkanmu dai. Ki rubuta mata, amma kada ki ɗauko waccan wasiƙar da kika tura sau arba'in ki canza suna kawai, domin wannan karon kina da abin da ba ki da shi a baya, wato tambaya ta gaskiya wadda ita kaɗai za ta iya amsa miki.

Ban ga saƙonninki na baya ba, amma irinsu suna shigowa akwatina kusan kowane mako, kuma na san fasalinsu. Sukan fara da doguwar gaisuwa, su yaba wa farfesa da cewa ya shahara a duniya, su ba da labarin burin mai rubutu tun yana yaro, sannan su ƙare da roƙon a taimaka a ba shi dama. Mai karantawa zai kai ƙarshe bai san abin da ake so ya yi ba. Lokacin da nake karatuna a Jamus na taɓa zama kusa da malamar da ke duba aikina tana buɗe saƙonninta da safe, kofin gahawa a hannu ɗaya, ɗayan a kan linzamin kwamfuta. Na lura ba ta wuce layi uku na farko a yawancinsu. Idan ta ga sunan shuka ko hanyar gwaji da ta shafi aikin ɗakinta sai ta dakata ta gyara zama, idan kuwa ba ta gani ba sai ta wuce. Ba wulaƙanci ne ya sa ta haka ba, kuma mace ce mai tausayin ɗalibai. Abu biyu take nema a cikin kowane saƙo: ko akwai kuɗin da za a ɗauki wannan mutum da shi, da kuma ko hannunsa zai iya aikin da ke gabanta. Wasiƙar da ba ta taɓa ko ɗaya daga cikinsu ba, babu amsar da za ta ba ta sai haƙuri, kuma rubuta haƙuri sau goma a rana shi ma aiki ne.

Fara sanin irin gurbin kafin ki taɓa rubutu

A Jamus farfesa yana da iko mai yawa wajen zaɓar ɗalibinsa, har suna kiran mai duba aikin da sunan uban digiri ko uwar digiri. Sai dai ikon zaɓa daban, kuɗin biyan albashi daban. Sanarwar da kika gani mai wa'adin shekara uku alama ce ta cewa an riga an samo kuɗin wani aiki ƙayyadadde, wataƙila daga hukumar DFG da ke ɗaukar nauyin bincike a ƙasar ko daga Tarayyar Turai, kuma ana neman wanda zai yi wannan aikin ne, ba wanda zai zo da nasa batun ba. Ki duba sanarwar ko za ki ga an rubuta `TV-L E13` da wani kaso a gefensa, kamar 65%. Idan kin gani, ma'anarsa aikin albashi ne a kan ma'aunin albashin ma'aikatan jihohin ƙasar, za a biya ki wannan kason na cikakken albashin matakin, da kwantiragi da inshorar lafiya kamar kowane ma'aikaci. A irin wannan gurbin ke mai neman aiki ce, saboda haka wasiƙarki ta yi kama da ta ma'aikaciyar da ke tambaya a kan sharuɗɗan aiki.

Wannan ya bambanta da halin da kika rubuta waɗancan arba'in a ciki. Farfesan da bai fitar da sanarwa ba yawanci ba shi da albashin da zai ba ki, abin da kawai zai iya yi shi ne ya rubuta takardar amincewa cewa zai duba aikinki idan kin samo tallafi da kanki. Hukumar DAAD ta Jamus mai ba da tallafin karatu tana neman irin wannan takarda daga masu neman tallafin digirin digirgir a ƙarƙashin farfesa guda, haka ma tallafin Commonwealth na Birtaniya yana neman takardar goyon baya daga malamin da zai duba aikin. Da kin faɗa musu sunan tallafin da za ki nema da ranar rufewarsa, kin kuma ce abin da kike buƙata daga gare su takarda ce kawai, ina da yaƙinin da amsoshin sun fi biyu. A Amurka kuwa yawanci kwamitin sashe ne ke ɗaukar ɗalibai, ana rufe karɓar takardu wajen watan Disamba, don haka farfesa a can sau da yawa ba abin da zai ce miki face ki nema ta hanyar sashen.

Akwai wani ɗan aiki na minti ashirin da ɗalibanmu ba su cika yi ba, alhali yana da amfani ƙwarai. Hukumar DFG tana da rumbun bayanai a intanet mai suna GEPRIS, Tarayyar Turai kuma tana da CORDIS. Ki sa sunan farfesar a ciki, za ki ga ayyukan da aka ba ta kuɗinsu, da shekarar da kowanne ya fara, da taƙaitaccen bayanin abin da ta yi alkawarin ganowa. Wannan taƙaitaccen bayani ya fi sanarwar faɗa miki gaskiyar aikin. Idan ya nuna za a yi gwaji a gonakin Afirka tare da wata cibiya, to daminarki biyu a gona ta zama jari babba. Idan kuwa komai a cikin ɗakin gwaje-gwaje za a yi shi, daga fitar da sinadari zuwa tantance siffarsa, to mai ilimin kimiyyar sinadarai ake nema, kuma gara ki sani tun yanzu.

Batun na'urar da ba ki taɓa aiki da ita ba

Ki koma ga sanarwar ki duba inda aka sa LC-MS. Irin waɗannan sanarwoyi sukan raba sharuɗɗa gida biyu, waɗanda dole ne da waɗanda ake so. A Turanci za ki ga `required` a gefe guda da `desirable` ko `an advantage` a ɗaya gefen, a Jamusanci kuma `erforderlich` da `wünschenswert` ko `von Vorteil`. Idan tana cikin waɗanda ake so ne kawai, rashin saninta bai hana ki nema ba. Idan tana cikin na dole, ko kuma an jera su duka wuri guda ba a bambance ba, to wannan ita ce tambayar da za ki gina wasiƙar a kanta.

Dalilin da ya sa aka ambaci na'urar a bayyane yake ga wanda ya san ƙuduji. Ƙwayar irinsa tana iya kwanciya a ƙasa shekara goma ko fiye ba ta tsiro ba, sai ta ji alamar sinadaran da saiwar dawa ko gero ko masara ke fitarwa, waɗanda ake kira sitirigolakton. Saiwar tana fitar da su ne kaɗan ƙwarai, har ba a iya auna su sai da na'ura mai tsananin ji irin LC-MS. An kuma gano cewa wasu irin dawa, kamar SRN39, suna da canji a ƙwayar halittar da ake kira LGS1, wanda ya sa nau'in sinadarin da suke fitarwa ba ya tayar da irin ƙuduji sosai. To ki lura da inda kike tsaye. Ita farfesar tana auna abin da saiwa ke fitarwa, ke kuma kin ƙirga abin da ya fito a bayan ƙasa a gonar gaske, kuma masu aikin ɗakin gwaje-gwaje kullum suna son sanin ko abin da suka auna a tukunya yana bayyana a gona. Na'ura ana koyon sarrafa ta a cikin 'yan watanni idan akwai ma'aikacin da ke kula da ita, kuma manyan ɗakunan bincike sukan kasance da shi. Sanin yadda ƙuduji ke yi a ƙasa mai yashi bayan ruwa ya ɗauke kwana goma ba a samun sa a cikin watanni. Wannan shi ne abin da za ki sa a gaba, ba tare da kin ɓoye giɓin da kike da shi ba.

Ina roƙonki kada ki rubuta cewa kina da masaniya a kan na'urar don kawai an koyar da ita a aji. A ganawa tambaya ɗaya ce za ta tona, misali a ce ki bayyana yadda kika shirya samfurinki kafin ki sa a na'ura, kuma daga nan za a fara shakkar duk sauran abin da kika faɗa, har da wanda yake gaskiya.

Wasiƙar kanta

Layin take shi ne farkon abin da za ta gani, don haka ya ƙunshi lambar sanarwar, da abin da kike tambaya, da ke wace ce a taƙaice. Ga misali, sai ki sa lambar da ke jikin sanarwar a wurinta:

```
PhD position Ref. 000: LC-MS requirement (MSc Agronomy, Striga field trials)
```

A gaisuwa ki rubuta `Dear Professor` da sunan danginta, ki kuma kwafo shi harafi da harafi daga shafin jami'ar, har da ɗigo biyun da ke kan wasu wasulan Jamusanci. Ki guji `Dear Sir/Ma`, domin yana nuna ba ki san ko mace ce ko namiji ba, kuma shi ne tambarin wasiƙar da aka tura wa mutum hamsin. A wurinmu rashin tambayar lafiya da iyali da aiki rashin tarbiyya ne, na san hannunki zai yi nauyi wajen tsallake su, amma a wurinta girmamawa ita ce kiran ta da muƙaminta daidai da kuma tattalin lokacinta. Layi ɗaya na gaisuwa ya wadatar.

Ga yadda zan so jikin wasiƙar ya kasance. Na sa shi da Hausa domin ki ga tsarin tunanin, ke kuma ki rubuta shi da Turancinki, sannan ki maye gurbin bayanan da na ƙaddara da naki na gaskiya:

"Na ga sanarwar gurbin digirin digirgir mai lamba kaza, kuma ina shirin nema kafin ranar rufewa. Ina da tambaya ɗaya a kan sharuɗɗan.

Na kammala digiri na biyu a kimiyyar noma a jami'a kaza a Nijeriya, da maki 4.3 a ma'aunin da 5.0 ne mafi girma. A bincikena na gwada irin dawa 12 a gonar da ke da ƙuduji, damina biyu, ina ƙirga wanda ya tsiro a mako na 8 da na 10 da na 12 bayan shuka, na kuma yi nazarin alƙaluman da manhajar R. Iri uku sun nuna ƙarancin ƙuduji a damina biyun, amma ɗaya daga cikinsu ya gaza a ɓangaren gonar da ƙasarsa ta fi rauni. Maƙalarki ta shekara kaza a kan yadda ƙarancin fosfaras ke ƙara yawan sinadaran da saiwa ke fitarwa ta sa na yi tunanin ko wannan ne dalili, kuma ba ni da hanyar auna shi a inda nake.

Ban taɓa aiki da LC-MS ba. Shin ƙwarewa a kanta sharaɗi ne na dole, ko za a duba mai ƙwarewar gona da nazarin alƙaluma wanda zai koyi na'urar a farkon aikin? Na haɗo takardar tarihin karatuna da taƙaitaccen bayanin kundina na shafi ɗaya. Na gode da lokacinki."

Wannan bai kai kalma ɗari biyu ba, yana shiga fuskar waya ba tare da an yi ta ja ba, kuma ana iya amsa shi da jimla guda. Sakin layi na tsakiya shi ne ran wasiƙar, kuma shi ne ba ya yiwuwa a kwafa a tura wa wani farfesa. Ki lura ban yabi maƙalar ba, ban ce ta burge ni ba. Na ɗauko sakamako ɗaya daga cikinta na jingina shi da wani abu da ya ɗaure miki kai a gonarki. Batun fosfaras ɗin ma gaskiya ne, shuka tana ƙara fitar da waɗannan sinadarai idan ƙasa ta rasa shi, wannan yana cikin dalilan da suka sa ƙuduji ya fi ɓarna a gonar da ta gaji. Amma kada ki ambaci maƙalar da ba ki karanta ba har ƙarshe. Ki zaɓi biyu daga cikin na shekaru uku da suka wuce, waɗanda sunanta ya zo a ƙarshen jerin marubuta, domin a fannoninmu wurin shugaban ɗakin bincike ke nan, ki karanta sashen hanyoyin gwaji da kyau, sannan ki duba ƙarshen tattaunawa inda marubuta kan faɗi abin da ya rage ba a gano ba. Sau da yawa gurbin da aka tallata daga wannan ragowar ya fito.

Na sa irin da ya gaza a cikin misalin da gangan. Ɗalibai sukan so su nuna cewa komai ya tafi daidai a bincikensu, alhali shugaban bincike ya fi sha'awar wanda ya lura da inda sakamakonsa ya ƙi daidaita, ya kuma yi tunanin dalili.

Makinki na 4.3

Wannan ƙaramin abu ne da ya cutar da ɗalibanmu da yawa ba su sani ba. A Jamus ma'aunin maki a juye yake: 1.0 shi ne mafi kyau, 4.0 shi ne ƙarshen ci, abin da ya wuce haka faɗuwa ce. Idan kika rubuta 4.3 tsurarsa, idon da ya saba da wancan ma'auni zai fara karanta shi a matsayin faɗuwa kafin ya tuna daga wata ƙasa kike. Shi ya sa na rubuta a misalin cewa 5.0 ne mafi girma. Jami'o'in ƙasar da yawa suna juya makin waje da wani lissafi da ake dangantawa da Bavariya:

```
x = 1 + 3 * (Nmax - Nd) / (Nmax - Nmin)
```

A nan `Nmax` shi ne maki mafi girma, `Nmin` mafi ƙarancin makin ci, `Nd` kuma makinki. Idan takardar sakamakonki ta nuna 3.0 ne mafi ƙarancin ci a digiri na biyu, lissafin zai ba da 2.05, wanda yake cikin matakin da suke kira mai kyau, kuma tsangayoyi da yawa suna neman 2.5 ko abin da ya fi shi kyau kafin su karɓi ɗalibin digirin digirgir. Ki yi lissafin don ki san matsayinki, amma kada ki sa sakamakonsa a wasiƙa kamar hukunci, domin kwamitin digirin digirgir na tsangayar ne ke da ikon tantance takardunki, ba ke ba, ba ma farfesar ba. Ki kuma duba sunan jami'arki a anabin, rumbun Jamus na tantance makarantun ƙasashen waje, inda alamar `H+` ke nuna an amince da ita a matsayin jami'a.

Abin da za a haɗa, da lokacin turawa

Fayil biyu sun isa, dukansu PDF: takardar tarihin karatu da aiki wadda ba ta wuce shafi biyu ba, da taƙaitaccen bayanin kundinki mai ɗauke da jadawali ko zane ɗaya na sakamakon. Ki sa wa kowanne suna mai ɗauke da sunanki. Kada ki tura hotunan shaidar karatu goma da aka ɗauka da waya, ko fasfo, ko mahaɗin da zai kai ta wani rumbun ajiya, domin ma'aikatan jami'o'i an gargaɗe su game da buɗe mahaɗi daga baƙo, kuma saƙo mai nauyi ko mai mahaɗai da yawa ya fi saurin faɗawa akwatin tarkace. Idan kina da adireshin imel na jami'a ki yi amfani da shi, idan babu ki tabbata na kanki yana ɗauke da sunanki na gaskiya, ba laƙabi ba. Kada kuma ki sa wasu farfesoshin sashen a kwafi. Na taɓa samun wasiƙar wani ɗalibi da ya ce ɗakina kaɗai yake muradi a duniya, ga kuma adireshin abokan aikina shida a jere a sama. Yaron yana da sakamako mai kyau, kuma har yau ina jin takaicin cewa babu ɗayanmu da ya amsa masa, kowa ya ɗauka wani zai yi.

Ki tura da safe a ranar aiki, tsakanin Talata da Alhamis. Agogon Jamus daidai yake da namu daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris, a sauran watannin kuma yana gabanmu da awa ɗaya. Watan Agusta da ƙarshen Disamba lokutan hutu ne, amsa takan yi jinkiri. Mafi muhimmanci, ki tura aƙalla mako biyu kafin ranar rufewa, kuma ki fara haɗa takardun neman tun yau. Wannan imel tambaya ce kawai, ba ya maye gurbin nema ta hanyar da sanarwar ta tsara, ko ta shafin jami'a ce ko ta fayil guda da za a tura wa wani adireshi. Duk yadda farfesa ta so ki, da wuya ofishin ma'aikata ya sa sunanki cikin waɗanda za a tantance idan ba ki bi wannan hanyar a kan lokaci ba. Ki sanar da malamanki biyu da za su ba da shaida a kanki tun yanzu, ki ba su sanarwar su karanta.

Yadda za ki karanta amsar

Idan ta ce ki nema, ki nema, amma kada ki ɗauke shi alkawari, domin gurbin da aka tallata dole ne a duba duk masu nema. Amfanin da kika samu shi ne za ta gane sunanki a cikin tarin takardu, kuma za ki iya buɗe takardar nemanki da ambaton wasiƙar da kuka yi. Idan ta dawo miki da tambaya, misali yadda kika raba filayen gwajin ko yadda kika tabbatar ƙudujin ya bazu daidai a gonar, wannan ita ce alama mafi kyau, ki amsa cikin kwana ɗaya ko biyu da alƙaluma. Idan ta ce na'urar dole ce, ki gode mata a jimla ɗaya, sannan ki tambaya ko za ta yarda ta duba aikinki idan kin nemi tallafin DAAD da batun da ya haɗa gona da sinadaran saiwa. Ƙin da aka yi wa gurbi ɗaya bai rufe wannan hanyar ba, kuma a wannan karon tana da dalilin sanin ko ke wace ce. Idan shiru kika ji, ki jira kwana bakwai zuwa goma, ki sake turawa sau ɗaya a ƙarƙashin saƙon farko da jimla biyu, sannan ki nema ko ta amsa ko ba ta amsa ba. Tunatarwa ta uku ba ta ƙara komai. Sau da yawa kuma sanarwar takan ba da sunan wani mai bincike a ɗakin a matsayin wanda za a tuntuɓa, to shi za ki rubuta wa, domin yawanci shi ne zai zauna da ɗalibin a kullum kuma ya fi saurin amsawa.

Ga masu karatu da suka riga suka kammala digirin digirgir suna neman aikin bincike na bayansa, wanda muke kira fosdok, ginin wasiƙar ɗaya ne amma nauyin ya koma wani wuri. Ba a tambayar maki, ana duba maƙalu biyu ko uku da mutum ya jagoranta, da dabarar da zai kawo wadda ɗakin ba shi da ita, da ranar da ya kare kundinsa ko zai kare. Ranar tana da muhimmanci saboda tallafin yana da iyaka: na gidauniyar Alexander von Humboldt ga masu fosdok ana neman sa ne cikin shekara huɗu da kammala digirin, na Marie Skłodowska-Curie na Tarayyar Turai kuma ana rufe shi a watan Satumba, ana rubuta shi tare da mai masaukin, kuma yana da sharaɗin kada ya zama mutum ya zauna a ƙasar da zai je fiye da wata 12 a cikin wata 36 da suka gabata. Wanda zai nemi na biyun sai ya rubuta wa shugaban binciken tun wajen Afrilu ko Mayu, da shawarar aiki ta sakin layi ɗaya.

Abin da na faɗa ya fito ne daga fannonin da ake aiki a ɗakin gwaje-gwaje da gona, inda ɗalibi ke shiga aikin da aka riga aka tsara. A tarihi ko adabi ko shari'a ɗalibi ne yakan zo da batunsa, kuma ana sa ran ya haɗo shawarar bincike ta wasu shafuka tun a wasiƙar farko. Haka kuma wasiƙa mai kyau ba ta ƙirƙiro kuɗin da babu, ba ta kuma kawar da ɗalibin cikin gida da ya yi digirinsa na biyu a ɗakin, wanda wani lokaci shi aka fi karkata gare shi tun kafin sanarwar ta fita. Saboda haka, yayin da kike jiran amsarta, ki buɗe shafin guraben bincike na Tarayyar Turai mai suna EURAXESS da shafin AcademicTransfer na ƙasar Holan ki nemo wasu gurabe huɗu ko biyar da suka shafi ƙuduji ko dawa ko gero, ki yi wa kowanne irin wannan karatun kafin ki rubuta. Idan kuma akwai sashen kimiyyar sinadarai ko na haɗa magunguna kusa da ke mai na'urar HPLC, ki roƙi su bar ki ki zauna da ma'aikacinsu mako biyu ko uku kina shirya samfuri. Ba LC-MS ba ce, amma rabin farko na aikin, wato raba sinadarai a cikin ruwa, iri ɗaya ne, kuma za ki iya rubuta shi a takardar nemanki da sunan na'urar da adadin samfuran da kika shirya da hannunki.